Shago biyar, hannu uku: yadda ake kafa ginshiƙan wallafa

Wata Juma'a da hantsi wayata ta yi ƙara, na duba na ga Hajiya ce mai shagon ɗinki. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗan nan, ni yaushe na fara sayar da batirin sola?" Na buɗe shafinta na Instagram, sai ga hoton masallaci da "Barka da Juma'a" a sama, a ƙasa kuma lambar wayar wani mai haɗa sola da muke yi wa aiki. Hoto ɗaya muka yi wa shaguna biyar, muna canza tambari da lamba kawai, yaron da ya ɗora na Hajiya ya manta bai canza ba. Na ba ta haƙuri, muka goge. Amma abin da ta faɗa kafin ta kashe wayar shi ya fi kuskuren zafi. Ta ce, "Ni dai ban taɓa ganin wadda ta kawo ɗinki saboda kun ce mata barka da Juma'a ba."

A lokacin mu uku ne a wani ɗan ofis a Kano, muna kula da shafukan masu ƙananan sana'o'i biyar: Hajiya mai ɗinkin mata, mai sola, wani gidan abinci, mai sayar da turaren wuta da humra, da wata makarantar firamare mai zaman kanta. Kowa mun yi masa alkawarin wallafa huɗu a mako. Ashirin ke nan a mako, tamanin a wata. Duk wanda bai taɓa wannan aiki ba zai ɗauka wahalarsa tana wajen zane ko ɗaukar hoto. Ba nan take ba. Wahalar ita ce ka wayi gari sau tamanin a wata kana tambayar kanka me za a ce yau. Idan kai ya toshe, sai a koma ga abin da ba ya buƙatar tunani: gaisuwar Juma'a, barka da shiga sabon wata, hoton kaya da "ku garzayo". Shafi ya cika, shago kuwa shiru.

Maganin da masu wannan sana'a suka daɗe da samowa shi ne abin da za mu kira ginshiƙan wallafa. Ma'anarsa mai sauƙi ce. Kowane shago a yanke masa batutuwa uku ko huɗu waɗanda a kansu kaɗai shafinsa zai riƙa magana, a raba wallafar wata a tsakaninsu, duk abin da bai hau ɗaya daga cikinsu ba a ajiye shi. Kamar rumfa ce: ka kafa ginshiƙai tukuna, sannan ka san inda za ka ɗora zana. Wannan kowa ya yarda da shi. Inda ake rabuwa shi ne daga ina ginshiƙan za su fito.

Kuskurenmu na farko shi ne mun zauna a ofis mun ƙirƙiro su. Muka rubuta "ilimantarwa, nishaɗantarwa, talla", muka liƙa wa duka biyar ɗin. Bayan mako biyu muka ga babu abin da ya canza, domin kalmar "ilimantarwa" ba ta gaya wa mai zane me zai zana ranar Talata. Ginshiƙin da zai dace da mai ɗinki ya kuma dace da makaranta ba tare da an taɓa shi ba, sunan ginshiƙi kawai yake da shi.

Daga baya muka gane ginshiƙan suna cikin wayar mai shago. Na je wajen Hajiya na zauna a benci kusa da mai dakan maɓalli, na roƙe ta ta karanto min saƙonnin WhatsApp na masu ciniki na makonni biyu da suka wuce, ba tare da sunayensu ba. Tana karantawa ina rubutawa. Kafin la'asar na cika shafi uku, kuma kusan duk tambayoyin sun tattaru gida huɗu. Wasu suna so su ga salo: "Turo min samfurin doguwar riga ta leshi." Wasu tsoro suke ji: "Hajiya, Allah ya sa dai ba za a yi min alkawarin tela ba, bikin ranar Asabar ne." Wasu ba su san abin da za su saya ba: "Yadi nawa zai ishe ni?" ko "Turmi ɗaya zai yi riga da siket da ɗankwali?" Sauran kuma farashi da lokaci suke tambaya. Ginshiƙan Hajiya ke nan, masu ciniki ne suka rubuta su da hannunsu: salo, cika alkawari, sanin yadi da awo, sai ciniki.

Na biyun shi ne wanda ba za mu taɓa tunaninsa daga ofis ba. A ƙasar Hausa babu wanda bai san alkawarin tela ba, musamman daren Sallah. Tunda wannan ne babban tsoron mai kawo ɗinki, shafin da zai jawo ta shi ne wanda yake nuna mata, mako bayan mako, cewa a nan ana cika alkawari. Sai muka fara ɗaukar hoton kaya a ninke cikin leda da 'yar takarda a jiki: an karɓa ranar kaza, an yi alkawarin ranar kaza, an gama ranar kaza. Babu fuskar kowa, babu suna. Hoton ba shi da kyan a zo a gani, mai zanenmu har ƙorafi ya yi cewa yana ɓata masa tsarin shafi. Amma shi ne hoton da mata suke turawa a rukunin 'yan uwa idan ana neman telar anko.

Da muka maimaita wannan zaman a sauran shagunan, sai wani abu ya bayyana wanda shi ne ribar kamfanin da ke riƙe da shaguna da yawa. Sunayen ginshiƙan sun bambanta, amma aikin da suke yi guda huɗu ne a ko'ina. Akwai wanda yake nuna kaya, akwai wanda yake kashe tsoro, akwai wanda yake amsa tambayar wanda bai sani ba, akwai kuma wanda yake cewa ga farashi, ga yadda za ka saya. Tsoron mai sayen sola shi ne a haɗa masa kaya su mutu bayan wata shida, don haka ginshiƙinsa na kashe tsoro shi ne komawa gidan da aka yi wa aiki shekara guda da ta wuce a nuna batirin yana nan yana aiki. Tsoron mai cin abinci a waje tsabta ne, don haka nasa ginshiƙin shi ne kicin: wankin nama, murfin tukunya, inda ake zuba shara. Tsoron uba mai neman makaranta shi ne ya biya kuɗi yaro ya dawo bai iya karatu ba. Ƙashin bayan ɗaya ne, naman ne daban. Amfanin wannan shi ne ma'aikaci ɗaya zai iya tashi daga shafin turare ya koma na sola ba tare da ya sake koyon tsari ba, amma duk da haka shafukan ba za su yi kama da juna ba.

Bari mu bi watan Hajiya daki-daki. Wallafa sha shida ne a wata. Salo ya ɗauki shida, domin shi ne abin da ido yake nema a shafin ɗinki, kuma kayansa ba sa yankewa. Sanin yadi da awo ya ɗauki huɗu. Cika alkawari uku, ciniki uku. Ba daidai aka raba ba, kuma da gangan ne. Ranakun ma mun tsayar da su: Litinin da Alhamis yawanci salo, Laraba bayanin yadi, Asabar kuma a riƙa musanyawa tsakanin alkawari da ciniki, sauran gurabe biyun da suka rage a cike su inda aka rage salo. A ƙarƙashin kowane ginshiƙi muna da jerin kanun magana da ya kai goma zuwa sha biyar a ajiye, galibi daga waɗancan shafuka uku da na cika a benci. Ƙarƙashin sanin yadi, misali, akwai: turmin atamfa yadi shida ne, me da me zai fita a ciki, yadda za ki auna kanki a gida idan kina nesa, me ya sa ba a goge leshi mai duwatsu ta fuska, bambancin ɗinki mai shafi da marar shafi a lokacin zafi. Ranar Laraba ba a tunani, ɗauka ake yi daga jeri. Idan jerin ya ragu zuwa biyar, lokacin komawa benci ya yi.

Duk wannan yana zaune a takarda ɗaya ta Google Sheets, ba biyar ba. Kowane layi wallafa ɗaya ce, kuma yana da shago, ginshiƙi, rana, kan magana, wanda zai kawo hoto, da matsayin da aikin yake: ana jira, an zana, mai shago ya amince, an ɗora. Dalilin haɗa su wuri guda shi ne a iya ganin shagon da aka yi wa rowa. Idan sunan shago yana sahun A, ginshiƙi yana sahun B, wannan ɗan lissafin yana ƙirga wallafar da kowane ginshiƙi ya samu:

```
=COUNTIFS(A:A,"DINKI",B:B,"ALKAWARI")
```

Idan an kai 20 ga wata lissafin yana nuna sifili, ka san akwai matsala tun kafin mai shago ya kira. Kowane hoto kuma sunansa yana farawa da shago da ginshiƙi, kamar `DINKI-ALKAWARI-03`, kuma kowane shago yana da nasa samfurin zane da lambar wayarsa a kafe a ciki, ba a rubuta ta da hannu. Tun daga nan Hajiya ba ta ƙara sayar da batiri ba.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe, domin shi ne ya fi kayar da irin wannan tsari. Ginshiƙi ba ra'ayi ba ne kawai, hanyar kawo kaya ce. Kowane ginshiƙi yana cin hoto, bidiyo ko bayani daga cikin shago, kuma idan babu takamaiman mutumin da aka ɗora wa kawowa, da ranar da zai kawo, ginshiƙin ya mutu tun ba a kafa shi ba. Mun koyi wannan a wajen mai sola. Ginshiƙin komawa tsofaffin ayyuka ya yi kyau a takarda, huɗu a wata muka rubuta masa. Wata na farko mun samu ɗaya. Na biyu babu. Mutumin yana kan rufin gidajen mutane daga safe zuwa magariba, wane ne zai koma Hotoro ya ɗauko hoton batirin bara? Duk ranar da ginshiƙin ya zo ba kaya, sai mu cike gurbin da hoton farashi, har shafinsa ya koma allon farashi zalla ba tare da kowa ya yanke shawarar haka ba.

Na same shi a shagonsa na ce, "Injiniya, a cikin yaranka wa ke zuwa duba aiki idan an kira?" Ya nuna min wani matashi da ke naɗe waya. Muka yi yarjejeniya: duk gidan da yaron ya je wanke faranti ko duba ruwan batiri, ya nemi izinin maigida ya ɗauki hoto uku, allon inbata, batiri, da farantan a kan rufi, ya kuma turo saƙon murya na minti ɗaya yana faɗin shekarar da aka haɗa da kayan da ake kunnawa. Muka kuma rage ginshiƙin daga huɗu zuwa biyu a wata, gwargwadon abin da zai iya kawowa. Tun daga ranar, kafin mu amince da kowane sabon ginshiƙi sai mun cike gurbi uku: wa zai kawo, yaushe, kuma nawa zai iya kawowa a watan da ya fi cunkoso. Idan gurbi ɗaya ya rage fanko, ba a kafawa.

Wannan ne ma ya tsara mana mako. A da kowane ma'aikaci yana riƙe da shagunansa, yana yin komai nasu. Sai muka juya: aiki ake rabawa, ba shago ba. Makon ƙarshe na wata, rana ɗaya ta fita ce, a zaga shago biyu ko uku da waya da 'yar fitila a ɗauko hoton wata guda. Rana ɗaya ta rubutu, kuma ana rubuta ginshiƙi ɗaya na duk shagunan a jere, domin kan da ya shiga yanayin amsa tambaya ya fi saurin ci gaba a haka da a ce yana tsalle tsakanin bayani da talla. Sannan zane, sannan a tura wa mai shago wallafar mako biyu a dunƙule ya duba. Masu shago ba sa buɗe takardar lissafi, kada ma ka wahalar da kanka, hotuna muke turawa ta WhatsApp da lamba a jikin kowane, ya amsa da murya, "Na uku a gyara farashi." Wanda aka amince da shi sai a jera shi a Meta Business Suite, wanda ke ba da damar tsara ranar fitar wallafa a Facebook da Instagram kyauta. Sitatus na WhatsApp kuwa, wanda ga yawancin ƙananan 'yan kasuwarmu shi ne ainihin kasuwa, yana wayar mai shago, awa 24 kuma yake yi ya ɓace, don haka kowace safiya muna tura masa na ranar ya ɗora da hannunsa.

Ta yaya ake sanin ginshiƙin da ke aiki? Ba da yawan masu danna alamar so ba. Hotunan salo na Hajiya kullum su ne kan gaba a wannan, domin ana son kallon kaya masu kyau ko ba za a saya ba, wasu ma teloli ne ke ɗaukar samfuri. Abin da ake ƙirgawa shi ne saƙon da ya shigo. Dabarar ita ce kowane ginshiƙi a ba shi kalmarsa. Wallafar bayanin yadi ta ƙare da "rubuto mana AWO", ta ciniki da "rubuto mana FARASHI". A Facebook da sitatus ana iya sa adireshin da zai buɗe WhatsApp da kalmar a rubuce, lambar kuma a fara ta da 234 ba tare da sifilin farko ba:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=AWO
```

A Instagram adireshi ba ya dannuwa a cikin bayanin hoto, sai a dogara da kalmar kawai. Ƙarshen wata a ƙirga. Amma a yi hattara da hukuncin gaggawa. Wallafa uku a wata ba su isa a yanke wa ginshiƙi hukunci ba. Mu sai bayan wata uku muke taɓa rabon. Kuma ginshiƙin kashe tsoro ba kasafai yake jawo saƙo da kansa ba. Mace ta ga takardar alkawari sau biyar ba ta ce komai ba, ranar da ta ga farashi sai ta rubuto. Wanda ya kalli ƙirga kawai zai sare alkawari ya ƙara farashi, bayan wata biyu ya rasa dalilin da farashin ma ya daina kawo kowa. Alamar da ta fi gaskiya ita ce tambayoyin da suka daina zuwa. Idan masu ciniki sun daina tambayar Hajiya ko za ta cika alkawari, suna shiga maganar salo kai tsaye, ginshiƙin ya yi aikinsa.

Rabon nan kuma ba na dindindin ba ne, kalandarmu ba ta yarda da haka. Azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, kuma yana juya shaguna biyar ɗin ta fuskoki daban-daban a lokaci guda. Wajen Hajiya, tun daga Sha'aban ciniki yake hawa sama, domin saƙon da ya fi muhimmanci shi ne ranar rufe karɓar ɗinkin Sallah. Da an rufe, sai a kashe ginshiƙin ciniki gaba ɗaya. Tallar da ta kawo ɗinki ranar 20 ga azumi cutar da shagon take yi, don ita ce za ta karya alkawarin da aka shekara ana ginawa. Gidan abinci kuwa ba a ɗora masa hoton tuwo da azahar, komai ya koma odar buɗa-baki, a fitar bayan la'asar. Mai sola kakarsa zafin Maris zuwa Mayu ce, makaranta kuma Agusta da Satumba. Ginshiƙan suna nan yadda suke, lambobin da ke gabansu ne ake canzawa, kuma ana yin haka wata guda kafin kakar ta shigo.

Akwai iyakar da tsarin ba ya tsallakewa. Wata mai haɗa magungunan gyaran jiki ta nemi mu riƙe mata shafi, ginshiƙinta na kashe tsoro kuma ba shi da wani abin ci sai shaidar "na sha na warke". A Najeriya tallar magani da makamantansa tana buƙatar izinin hukumar NAFDAC, dokar ARCON ta 2022 kuma ta sa tallace-tallace, har da na kafafen sada zumunta, ƙarƙashin tantancewa. Ba mu karɓi aikin ba. Makaranta ma tana da tata iyakar: ba a ɗora fuskar yaro sai da izinin iyayensa, don haka ginshiƙinta na shaida ya koma hoton littafin rubutu na ɗalibi ɗaya, shafin farkon zango kusa da na ƙarshensa, an rufe sunan.

Gaisuwar Juma'a fa? Mai turaren wuta ta ƙi yarda a cire, kuma ita ce mai gaskiya a cikin su biyar. Daren Alhamis da safiyar Juma'a ne masu sayenta suke turara gida da tufafi, don haka a wajenta Juma'a ranar kasuwa ce. Muka bar mata, sai dai masallacin ya fita daga hoton, kaskon turare ya shiga, da sunan haɗin da aka kunna a ranar da farashin kwalba. A takardarmu layin yana ƙarƙashin ginshiƙin nuna kaya. Na Hajiya kuwa ranar Juma'a ba a ɗora komai, yaranta ma suna tashi da wuri.